Rahoton Juma'a ga abokan jari: abin da ya kamata shugaban sayen riɗi ya riƙa rubutawa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Mu 14 ne a yankin Gumel muka haɗa Naira miliyan 24 don sayen riɗi buhu 200, aka ɗora mini shugabanci. Muna da zaure a WhatsApp. Kullum sai an kira ni ana tambayar ina aka kwana, har wasu sun fara ƙananan maganganu, alhali Allah ya sani ko kwabo ban taɓa ba. Me zan riƙa rubuta musu duk mako don hankalinsu ya kwanta?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema.

Na yarda da kai, ba ka taɓa kuɗin kowa ba. Amma ka tsaya a takalmin wanda ya sayar da bijiminsa ya kawo maka kuɗin, yana can ƙauye, abin da yake gani a waya kawai shi ne "aiki na tafiya, a ci gaba da addu'a". Wannan magana ba ta gaya masa buhu nawa aka saya, ba ta gaya masa nawa ya rage ba. Inda babu lissafi, zato ne ke cike gurbin, kuma zato kan dukiya ba ya zuwa da alheri. Maganin kiran wayar nan saƙo ɗaya ne a mako, a rana ɗaya da ba ta canzawa, wanda mutum zai karanta a cikin minti biyu ya san inda kuɗinsa suke, abin da ya tsaya, da wanda ake jira.

Fara da zaɓen ranar, kuma kasuwa ce za ta zaɓa maka. Maigatari na ci ranar Alhamis, Gujungu ranar Lahadi. Ka ga Juma'a bayan an sauko daga masallaci ita ce ta dace da ku: kayan Alhamis sun shiga sito an ƙirga, sannan akwai yini guda da rabi da mutane za su yanke shawara kafin Lahadi. In ka tura ranar Litinin, labari kawai ka ba su, domin kasuwar da za su iya cewa wani abu a kanta ta riga ta watse. Ko makon da ba a sayi tiya ɗaya ba, ka tura. Makon ne ma ya fi buƙatar saƙo.

Sai abin da aka cim ma. A nan ne na fi ganin shugabanni suna tuntuɓe, ba don rashin gaskiya ba, sai don kalmar "mun saya" tana ɗauke da abu uku daban. Akwai riɗin da aka biya kuɗinsa. Akwai wanda ya iso sito, mai sito ya ƙirga ya sa hannu. Akwai kuma wanda aka tankaɗe aka sheƙe, aka fitar da yashi da ƙaiƙayi, ya zama kayan da mai saye a Dawanau zai ɗora a sikeli ba tare da ya rage farashi ba. Ka taɓa zura hannu cikin buhun da aka kawo daga ƙauye, ka damƙo, ka buɗe tafinka ka ga ƙura ta kwanta a layukan hannu? Wannan ƙurar da kuɗin riɗi kuka saye ta. In ka ce wa mutane buhu 118 a Nuwamba, ranar lodi aka ga 112, babu bayanin da zai shiga kunnensu a lokacin. In kuwa kowane mako suna ganin lambobin nan uku a jere, ragin ba zai zo musu a matsayin labari ba, tun farko da su ake ƙirgawa.

Kowace lamba kuma ka ajiye ta kusa da abin da aka yi niyya. "Buhu 34 a makon nan" ba ya nuna ko an yi ƙoƙari ko an gaza, sai ka ƙara da cewa 50 aka tsara.

Ga misali, da farashin da na ɗauka don lissafi kawai, kai sai ka sa na kasuwarku:

*Rahoton mako na 4, Juma'a*

*Inda muke:* Mun makara. An sayi buhu 34 a makon nan, 50 muka tsara. Jimla 118 daga cikin 200. A sito akwai 106, sauran 12 suna ƙauye suna jiran mota. An tankaɗe 30, sun koma 28 da rabi. Da wannan tafiyar sai mako uku mu kammala, ba biyu da na faɗa a baya ba.

*Kuɗi:* Riɗi 12,390,000. Buhuna, dako, lodi, tankaɗe da kuɗin kasuwa 610,000. A hannun masu sayo mana 2,000,000. A banki 9,000,000. Jimla 24,000,000.

*Abin da ya tsaya:* Buhu ya kai 112,000 jiya a Maigatari, mu kuwa mun yi yarjejeniyar ba za mu wuce 110,000 ba. In muka bi sabon farashi a buhu 82 da suka rage, ƙarin 164,000 ne, kuma kuɗinmu za su isa. Shawarata mu saya. Ina jiran amsar kowa, eh ko a'a, kafin sallar Isha'i gobe Asabar, don a shiga Gujungu da ita. Na biyu, ɗaya daga masu sayo mana yana riƙe da 800,000 kwana goma, bai kawo kaya ba. Ma'aji zai same shi ranar Litinin, ya dawo da kaya ko kuɗi.

*Mako mai zuwa:* Ni zan je Gujungu Lahadi, buhu 20. Mai sito zai kwaso buhu 12 na ƙauye kafin Talata. Sakatare zai kawo farashin Dawanau ranar Laraba.

Duba sashen kuɗin. Lambobi huɗun nan dole in an tara su su ba da miliyan 24 cif, kowane mako, har a watse. Ranar da ka zauna haɗa rahoto suka ƙi haɗuwa, ko da dubu ashirin ce, kada ka tura sai ka kira ma'aji kun buɗe littafi. Yawanci kuɗin lodi ne da aka biya daga aljihu ba a rubuta ba, ko cajin mai POS. Dubu ashirin ta mako ɗaya ana gano ta a cikin awa guda. Ta mako shida da ta taru, ba mai tuna inda ta bi. Kuma kuɗin da ke hannun masu sayowa ka ba su layinsu daban, kada ka zuba su cikin "abin da aka kashe", domin ba a kashe su ba tukuna, amana ce ke yawo a ƙauyuka, kuma a nan jarin haɗaka ya fi yoyo.

Sashen abin da ya tsaya shi ne zuciyar saƙon, shi kuma mutane suka fi jin nauyin rubutawa. Na san dalili. Mutum yana ganin in ya ce an makara, za a ce ya kasa. Sai ya ɓoye, yana fatan mako mai zuwa ya cike giɓin kafin a lura. Alhaji, ina roƙonka kada ka bi wannan hanya. Matsalar da ka faɗa tun tana ƙarama ta ku 14 ce, kowa zai sa hannu. Wadda ka riƙe har ta fashe taka ce kai kaɗai, kuma a ranar ba za a tambaye ka yadda ta faru ba, za a tambaye ka me ya sa ka yi shiru.

Sai dai faɗin matsala ma da yadda ake yi. "Farashi ya tashi, sai addu'a" kuka ne, ba wanda zai iya yin komai da shi. A misalin da na ba ka, mai karatu ya ga mene ne ya tsaya, nawa zai ci, me shugaba yake ganin ya dace, wa ake jira, kuma zuwa yaushe. Ka lura ban bar shawarar a buɗe ba. In ka ce "me kuka gani?" za ka sami saƙon murya talatin, wani yana ba da labarin riɗin bara, Lahadi ta zo ba a yanke komai ba. Ka faɗi ra'ayinka, ka nemi eh ko a'a. Kuma tun kafin irin wannan ta taso, ku zauna ku amince mutum nawa ne za su ce eh a zartar, da kuma hukuncin wanda ya yi shiru har wa'adi ya wuce. A rubuta wannan a takardar yarjejeniyarku, kada ya zama kai ka ƙirƙiro shi ranar da kake cikin matsi.

Batun mai riƙe da 800,000 kuwa, a yi hattara da mutuncinsa. Kira shi tukuna kafin ka rubuta, ka ji uzurinsa, ka gaya masa zai fito a rahoton Juma'a. A zaure ka faɗi adadin kuɗi da kwanaki da matakin da za a ɗauka, ba tare da kalmar zargi ko ɗaya ba. Wataƙila manoman ne suka ƙi sakin kaya suna jiran farashi ya ƙara hawa.

A aikin mako mai zuwa, kowane layi ya zo da sunan mutum ɗaya da rana ɗaya. Na sa muƙamai a misali, kai ka sa sunaye. "Za a kwaso kayan ƙauye" ba aikin kowa ba ne. Juma'a ta gaba kuma da waɗannan alkawura za ka buɗe: an je Gujungu, an samu 17 a madadin 20, na ƙauye sun iso, farashin Dawanau bai zo ba.

Tun da na tabbata a cikinku akwai waɗanda ba sa karatun boko, ka bi rubutun da saƙon murya, ka karanta shi yadda yake, kada ka ƙara kada ka rage, don kada a ce na murya ya saɓa da na rubuce. Rubutun shi ne hujja, shi ake iya nemowa bayan wata uku. Ka danne saƙon ka zaɓi Pin na kwana 7 don ya tsaya a sama, gaisuwar Juma'a ba ta binne shi ba, ka kuma tabbata Disappearing messages, wato tsarin da ke goge saƙonni da kansa bayan wani lokaci, a kashe yake a zauren. Ka haɗa da hoton shafin littafin sito da na saƙon banki mai nuna ragowar kuɗi, amma ka rufe lambar asusun.

Abu ɗaya kada ya shiga zaure ko kaɗan: lokacin da wani zai tashi da tsabar kuɗi, hanyar da zai bi, da daren da mota za ta ɗauki kaya. Waya tana shiga hannun yara da na mai caji, saƙo kuma ana tura shi gaba. Wannan ya tsaya tsakaninka da ma'aji da wanda zai yi tafiyar, sauran su ji bayan kaya sun sauka. In ma kana ganin faɗin ranar da za ka shiga kasuwa zai ja hankali, ka rubuta adadin buhun da za a saya a makon kawai, ka biya ta banki duk inda mai kaya ya yarda.