Gyaran lokaci a insha'in labari

"Ɗalibina yakan fara labari a shuɗaɗɗen lokaci, can tsakiya ya koma kamar yanzu abin ke faruwa. Yaya zan gyara masa?"

Malam, sa shi ya ja layi da fensir ƙarƙashin kowane lamirin suna: sun, suka, suna, sukan, za su. A nan lokacin yake zaune, nan kuma ɓarnar take.

Ɗauki wannan: "Jiya mun je kasuwa, muna sayen doya, mun dawo gida." Jimlar farko ta kafa lokaci, to abin da ya biyo baya a jere da "muka" zai tafi: "Jiya mun je kasuwa, muka sayi doya, muka dawo gida."

Amma don Allah kada ka soke masa kowane "muna". A "muna tafiya sai ruwa ya sauko" daidai yake, domin tafiyar na gudana lokacin da ruwan ya zo. Zancen da ke cikin alamar buɗe magana da rufe magana ma a bar shi yadda mai magana ya faɗa.

Inda "ya" ta rikitar da shi, ya mayar da jimlar jam'i, ya karanta da ƙarfi, zai ji ko "sun" ce ko "suka".