Tafasa miya da dare a rufe sai da safe: camfi ne ko gaskiya?

Gwaggo, barka da hutawa. Tun da na koma aiki nake dafa miyar kwana uku ranar Lahadi, ga shi ba mu da firji, ga wannan zafi na Afrilu. Na tuna a gida kuna tafasa miya da dare, ku ce kada kowa ya ƙara buɗe tukunyar sai da safe. Camfi ne, ko da gaske yana hana ta lalacewa? Kuma shinkafa da wake ma zan iya yi musu haka?

'Yata, barka kadai. Ba camfi ba ne. Abin da iyayenmu suka koya mana a madafi shi na tarar ana karantarwa lokacin da nake aikin asibiti, sai dai su ba su tsaya faɗin dalili ba, sukan ce wa yara kawai in an taɓa miya da dare za ta yi fushi. Amma al'adar tana da iyaka, kuma iyakar ce ta sa na zauna rubuta miki wannan, domin yadda kike yi yanzu ya ɗan wuce abin da aka gina ta a kai.

Abin da ke ɓata dafaffen abinci ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Sun fi jin daɗin yaɗuwa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, wato daga sanyin firji zuwa zafin da hannu ba ya iya jurewa. In suka samu ɗumi irin na jikin mutum, wasunsu kan ninka yawansu duk bayan kamar minti 20. To ki duba garin nan a watan Afrilu da Mayu, inda rana kan kai digiri 40, madafi mai rufin kwano kuwa ya zarce haka. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba, kuma in zafi ya haura digiri 32 malaman lafiya kan rage shi zuwa awa ɗaya. Wannan shi ne ma'auni na asali. Duk wata dabara da zan gaya miki rage haɗari ce ga wanda ba shi da firji, ba ta kai firji ba.

Idan kika tafasa miya sosai kin kashe ƙwayoyin da ke raye a cikinta. Idan kika rufe ta da zafinta ba ki sake buɗewa ba, kin hana sababbi shiga. Dalilin hana taɓawa ke nan. Ludayin da aka ajiye a bakin murhu, cokalin da yaro ya lasa, yatsan da aka sa aka ciro tsokar nama, kowanne sabon iri yake zubawa a tukunyar, ya kuma samu dare guda yana hayayyafa. Akwai ma wata ƙwaya da ke zaune a fatar mutum da cikin hancinsa, wadda in ta yaɗu a abinci takan bar guba da tafasa ba ta kashewa. Gobe da safe ko kin ɗumama, gubar tana nan.

Sai dai yawancin mutane ɗumamawa suke yi, ba tafasawa ba, su ga gefen tukunya ya fara ɓulɓula su sauke. Miya mai kauri gefenta kan tafasa alhali tsakiyarta da cikin naman ɗumi kawai suka yi. Ki ɗora ta, in tana son ruwa ki ƙara tun kafin ta tafasa, kada ki ƙara bayan kin sauke. Ki juya har ƙasa da wankakken ludayi, ki bari duk tukunyar ta ɗauki tafasa, sannan ki ba ta minti biyar zuwa goma tana yi. A mintuna biyun ƙarshe ki ɗora murfin, turiri ya dafa shi shi ma. Daga nan ki sauke, ki ajiye a inda iska ke ratsawa, nesa da murhu, kada kowa ya ɗaga murfin. In za a ci, a tafasa duka tukunyar tukuna, a ɗebi na ci a kwano, abin da ya saura a kwano kuwa ba ya komawa tukunya.

Ga inda iyakar take. Wasu ƙwayoyin in sun ji wuta sukan shige cikin wani ɓawo mai tauri su kwanta, kamar irin ciyawa da ke ƙasa duk rani yana jiran ruwan farko. Tafasa ba ta kashe su. Da tukunya ta huce zuwa ɗumi sai su farka. Ɗaya daga cikinsu ta fi son babbar tukunyar miyar nama mai daɗewa ba ta huce ba, ita ce ke sa mutum ya ci abincin biki da rana, tsakar dare ciki ya murɗa, gudawa ta biyo baya. Alhamdu lillahi wannan in ta farka tafasa mai kyau tana kashe ta, shi ya sa tafasar safe kafin a ci take da amfani ƙwarai a miyar nama. Amma iyayenmu dare ɗaya suke ajiye miya, daga bayan Isha'i zuwa Asuba, lokacin da gari ya fi sanyi, da safe a yi ɗumame a cinye, a wanke tukunya. Ke kuwa kina fita da ƙarfe bakwai, ba ki dawowa sai La'asar. Tukunyar ita kaɗai take shanye zafin tsakar rana. A bazara miya mai ruwa-ruwa, irin taushe ko ɗanyar kuɓewa ko miyar gyaɗa, ba na son ta tsallake wannan tazarar ko sau ɗaya, balle kwana uku.

Shinkafa kuwa a'a, kada ki yi mata haka. Ɗanyar shinkafa tana zuwa da irin waɗancan masu ɓawo. Kin dafa, sun tsira, ta huce a kula ko a tukunya, sun farka sun zuba guba, kuma gubar tasu ko soya shinkafar kika yi ba ta mutuwa. Alamarta amai ne da ke zuwa da sauri, tsakanin awa ɗaya zuwa biyar ko shida bayan an ci. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shinkafar ba ta wari, ba ta yauƙi, kyakkyawa fes. Taliya ma haka take, tuwon shinkafa kuma shinkafa ne. Wake da alale su kan tona kansu da wuri da kumfa da tsami, amma kada ki jira sai sun nuna. Waɗannan duka a dafa daidai ciki, a cinye a zama ɗaya. Tuwon dawa ko na masara da aka tuƙa da ruwan tsamiya ya fi su jimiri, domin tsami yana rage wa ƙwayoyin ƙarfi, amma shi ma dare ɗaya ne, da safe a yayyanka malmalar a tafasa har zafi ya ratsa cikinta.

Kula ma tana yaudarar mata da yawa. Aikinta riƙe zafi na 'yan awoyi. Abin da kika zuba yana tafasa da safe aka ci da Azahar yana turiri, babu laifi. Wanda ya kwana a ciki kika buɗe kika tarar da ɗumi-ɗumi, ruwan gumi na ɗiga daga murfi, ya shafe dare a daidai zafin da ƙwayoyin suka fi so.

To yaya za ki yi da aikinki? Ki daina dafa miyar kwana uku, ki koma soya kayan miyar kwana uku. Ƙwayoyin nan ruwa suke buƙata, saboda haka ruwan za ki kora. Dabarar da ke sa kilishi da dambun nama da soyayyen naman layya su daɗe ke nan.

Ranar Lahadi ki kai markaɗen tumatir da tattasai da attarugu da albasa. Da kin dawo daga inji ki ɗora nan take, domin ɗanyen markaɗe a wannan zafi ba ya jimawa yake fara kumfa. Ki dafa shi a buɗe, ba murfi, har ya ƙone ruwansa ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku, ya yi kauri yana kama ƙasan tukunya. Sannan ki zuba man gyaɗa wadatacce da gishiri, ki rage wuta, ki yi ta juyawa. Za ki ji ƙarar ta sauya daga ɓulɓular ruwa zuwa ƙarar suya, launin ya koma ja mai duhu, man ya taso ya kwanta a sama. In kika ja ludayi a ƙasan tukunya hanyar ta tsaya ba ruwa ya biyo ta ba, ya yi. Man ba ya kashe ƙwayar cuta, kada ki ɗauka yawansa zai rufe miki ragowar ruwa. Kuma kada ki zuba ruwan nama a ciki, shi ne kan fara lalacewa, ya ja sauran.

Naman ki yanka shi ƙanana, ki tafasa da gishiri da kayan ƙamshi, ki tsame, ki soya har ya bushe ciki da waje. Ki tsaga ɗaya ki duba, in cikinsa da danshi bai yi ba. Ki bar shi ya huce a kwando ko matsami, a rufe da faifai, kada ki ɗaure shi a leda da zafinsa ya yi gumi. Ruwan naman ku yi miyar daren Lahadi da shi, ya ƙare a ranar.

Litinin da Asuba ki ɗora tukunyar soyayyen kayan miyar, ki juya har duka ya ɗauki suya, ki rufe. Da kin dawo ki sake ɗorawa, ki ɗebi ludayi biyu ko uku a ƙaramar tukunya, ki zuba ruwa da naman da za ku ci da dunƙule, ki bar shi ya tafasa yayin da shinkafar ranar ke nuna a gefe. Cikin rabin awa kin gama. Kafin kwanciya ki ƙara soya babbar tukunyar. Talata ma haka, kuma a ranar ya kamata ta ƙare. A wannan zafi ni ba na kai ta Laraba. Naman shi ma kullum ki watsa shi a mai mai zafi. In ranar kuka kike so, ita ba ta ma buƙatar ajiya, ga garin kuka ga daddawa, sai ki kaɗa sabuwa.

Ragowar ɗanyen tumatir da tattasai kuwa, tukunya cikin tukunya tana taimakawa, irin wadda wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har aka ba shi lambar yabo a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Tana sanyaya kayan lambu a busasshen yanayi, amma ba ta sauka zuwa digiri 5, don haka ba wurin dafaffen nama ba ce.

In kika buɗe tukunya kika ga ƙananan kumfa na tasowa ba a kan wuta ba, ko kika ji tsami, ko ludayi ya taso da yauƙin da ba na kuɓewa ba, zubarwa za ki yi, kada ki ɗanɗana don ki tabbatar. Haka nan in kika manta tafasar dare gaba ɗaya a wannan zafi, ko da ba ki ga alama ba. Na san tsadar nama, na san zubar da abinci yana da nauyi a zuciya, amma kada ki ba almajirin da ya zo bara abin da ba za ki ba ɗanki ba. Ƙaramin yaro da mai ciki da tsoho da marar lafiya kuwa, a bazara sabon girki ne nasu.

In kuma tsautsayi ya gifta wani ya kama amai da gudawa, ki haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko yaro ya ƙi shan komai, idanunsa suka faɗa, fitsari ya ɗauke, ku tafi asibiti a lokacin, ko da dare ne. Ki gaishe min da maigidan naki.