Ma'aikaci mai albashin dubu 200, nawa yake ci wa mai kamfani a wata?

"Muna da ƙaramin kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, ma'aikata 27. Zan ƙara akawu a kan naira 200,000 a wata. Ban da albashin, me kuma zan tanada?"

Alhaji, ka fara tabbatar da cewa 200,000 ɗin jimillar albashi ce kafin cire-cire, kuma ka rubuta haka a takardar ɗaukar aiki. Idan ka ce masa "dubu ɗari biyu za ka gani a asusunka", to harajinsa da kasonsa na fansho sun dawo kanka. Nan wasu masu kamfani suke ƙonewa.

Babban nauyin shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Ana lissafin a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na mota, in dai takardar aiki ba ta faɗaɗa shi ba. A ce waɗannan ukun sun kai 160,000, sauran 40,000 alawus ne na abinci da waya. Naka 16,000 ke nan daga aljihun kamfani, nasa 12,800 a cikin albashinsa za ka cire. Dukansu sai sun shiga asusun fanshonsa cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. In ka riƙe kuɗin ka sayi shanshera da su, tarar ba ta gaza kashi 2 na abin da ka riƙe, kowane wata.

NSITF, mai biyan diyyar raunin wurin aiki, kashi 1 ne na jimillar albashi, wato 2,000. A wurin da injina suke, kada ka yi wasa da shi. ITF, asusun horar da ma'aikata, shi ma kashi 1 ne, wani 2,000 ɗin, kuma ya hau kanka tunda kun wuce mutum 25.

Sai inshora biyu da ba su da tsayayyen farashi. Ta rai, wadda dokar fanshon ta wajabta, dole ta kai ninki uku na albashin shekara: 2,400,000 sau uku, 7,200,000. Abin da za ka biya kamfanin inshora ya danganta da shekarun ma'aikatanka da irin aikinsu. Idan akawun ya rasu ba ka yi ta ba, kamfaninka ne zai biya magada. Ta lafiya kuma dokar 2022 ta wajabta ta, farashinta na tashi sosai in an sa mata da yara. Don lissafi kawai, mu ɗauka ta rai 3,000, ta lafiya 5,000 a wata. Ka nemi farashin gaskiya a rubuce.

Jimilla 228,000. Idan kuna ba da albashin wata guda na goron Sallah, ka raba shi gida 12, kusan 16,700, sai ya zama 244,700. Da zarar ka sa goron a takardar aiki ya zama haƙƙinsa, ko an yi ciniki a shekarar ko ba a yi ba.