Corolla ko tsohuwar BMW? Amsa ga mai neman motar farko

Tambaya: Na gama jami'a, na fara aiki da ɗan albashi. Abin da na tara zai iya sayen Toyota Corolla ta 2005, amma na ga BMW ƙirar 3 Series mai kyan gaske a kan kuɗi ɗaya. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba kada a cuce ni?

Amsa: Ƙanena, ɗauki Corolla. Motar alfarma tana faɗuwa a kasuwa idan ta tsufa, amma kayan gyaranta ba sa faɗuwa tare da ita. Tsofaffin BMW na wancan zamanin sun yi suna wajen matsalar sanyaya inji: famfon ruwa da tankin roba na ruwan lagireto kan gaji su fashe, inji ya yi zafi, gaskit ya ƙone. Gyara ɗaya irin wannan zai iya cinye albashin watanni.

Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1.8 da ake kira 1ZZ-FE tana da abubuwa biyu da suka dace da aljihunka. Sarƙa ce ke daidaita tafiyar injin, ba bel ba, don haka babu kuɗin canza bel da ke jiranka. Sannan kusan kowane makanike ya san cikinta. Sai dai injin nan na farko-farko, daga 1998 zuwa wajen 2002, ya shahara da shan baƙin mai, shi ya sa na fi kwantar da hankali da na 2005 zuwa sama. Honda Civic ma abar dogaro ce, amma wasu na 2006 zuwa 2009 gangar injinsu kan tsage ruwa ya riƙa zuba. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 ita ma tana shan mai. Ford Focus ta 2012 zuwa 2016 mai giyar PowerShift kuwa, ka wuce ta ko da arha ta kira ka.

Suna kaɗai ba ya tuƙa mota. Corolla da aka wahalar ta fi Civic da aka kula da ita sharri, saboda haka ranar dubawa ita ce komai. Ka nemi a bar maka motar ta kwana ba a tayar ba, ka taɓa injin ka ji sanyi kafin a murza makulli. Mai sayarwar da ya ɗumama ta kafin ka iso, wataƙila akwai ƙara ko hayaƙin da yake ɓoyewa. Shuɗin hayaƙi daga salansa na nufin injin na ƙona mai. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba.

Tarkon da ya fi kama sababbin masu saye yana kan allon gaban direba. Murza makulli ba tare da ka tayar ba: dole fitilar Check Engine ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta. Akwai kuma masu goge laifin da na'ura dab da zuwanka. Makaniken da ka zo da shi (naka, ba na mai mota ba) ya jona na'urar OBD2, wadda ke karanta laifukan da ƙwaƙwalwar motar ta adana. A ce ba ta nuna laifi ko ɗaya ba, amma gwaje-gwaje da dama suna nuna Not Ready. Ma'anarsa an goge ƙwaƙwalwar motar ko an cire batir kwanan nan. Ku yi tafiya mai ɗan tsawo, cikin gari da babbar hanya, ku sake jonawa. Idan lamba irin P0420 ta dawo, galibi tukunyar tace hayaƙi ce ta gaji ko aka kwashe cikinta, kuma ba ta da arha.

Shekarar mota ma ana ƙara mata. Lambar VIN, wato lambar shaidar mota, tana da harufa da lambobi 17, kuma a motocin da aka yi don kasuwar Amurka na goma shi ne shekara: 5 na nufin 2005, 3 na nufin 2003. Ta gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takardu duk su zo ɗaya. Ɗaga kafet kuma ka leƙa ramin tayar ajiya; laka, tsatsa ko warin ɗanshi alamar ambaliya ce, kuma wayoyin irin wannan mota ba sa daina ba da ciwon kai.

Kada ka zuba duk kuɗinka a farashi. Ware kashi ɗaya cikin biyar don mai, birki, batir, takardu da inshora. Duba gefen taya: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, misali 2318, suna nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta haura shekara shida ta isa canji ko da zanenta bai cinye ba, sai ka lissafa kuɗin guda huɗu ka nemi a rage maka shi a ciniki.