Banki ya rufe min asusu ina Guangzhou, me zan yi kafin in koma?

Tambaya: "Malam, ina sayar da kayan waya a Gombe. Na je Guangzhou sarin kaya, na sayi sabuwar waya a can, na saka VPN saboda WhatsApp. Da na zo biyan dillali, manhajar banki ta nemi OTP, alhali layina yana wurin yarona a shago. Na yi ta gwadawa har aka rufe asusun. Zan koma bayan Sallah. Yaya zan yi kada a maimaita?"

Alhaji, sannu da wannan wahala. Bari mu fara duba abin da na'urar banki ta gani a ranar, domin ita ba ta ganin fuskarka. Abu uku take dubawa duk lokacin da aka shiga: daga ina aka shigo, da wace waya, kuma ko shigar ta yi kama da yadda mai asusun ya saba.

Wurin da kake tana gane shi ne ta lambar IP, wato adireshin da kamfanin sadarwa ke ba wayarka idan ta hau intanet. Lambar tana nuna ƙasa da kamfanin da ya mallake ta. Idan ka kunna VPN, saƙonka yakan fara biyawa ta wata kwamfuta a wata ƙasa, sai banki ya ga adireshin wannan kwamfutar maimakon naka. Matsalar ba ƙasar kaɗai ba ce. Irin waɗannan adireshi na manyan rumbunan kwamfuta ne, ba na gida ko na layin waya ba, kuma an san su. Mutane da yawa suna fita ta adireshi ɗaya, musamman a VPN na kyauta, har da masu gwada kalmomin sirrin da aka sato. Ka shiga ta ƙofar da ɓarayi suka saba bi, dole mai gadi ya tsayar da kai.

Mu ɗauka haka ranar ta kasance. Yaronka ya buɗe manhajar a tsohuwar wayar a Gombe don ya ga ko kuɗin wani kwastoma sun shigo. Bayan minti 10 kai ka shiga, VPN ɗinka yana nuna Amsterdam, mai nisan fiye da kilomita 4,000 daga Gombe. Jirgin fasinja yana cin kimanin kilomita 900 ne a awa, ka ga babu mahaluƙin da zai yi wannan tafiya a minti 10. Da aka ƙi ka, sai ka kashe VPN ka sake gwadawa, yanzu kuma ka bayyana a China, fiye da kilomita 10,000 daga shagonka. Ƙasa uku cikin awa guda, a wayar da banki bai taɓa gani ba, ana son tura kuɗi masu nauyi ga sabon mai karɓa, kuma mai shigar ya kasa kawo lambar da aka aika wa layin mai asusun. Wallahi da wani ne ya yi wa asusunka haka, addu'a za ka yi wa bankin da ya rufe.

To, maganin shi ne kada ka canza komai da komai a lokaci ɗaya. Sabuwar ƙasa kaɗai galibi tambaya ɗaya take jawowa, ka amsa ka wuce. Sai an haɗa ta da sabuwar waya da rashin layi abin yake zama rufewa.

Ka tafi da wayar da banki ya sani. Manhajojin banki da yawa suna ɗaure asusu da waya guda, kuma sauya ta yana buƙatar a sake tantance ka. Idan kana son komawa kan sabuwar da ka sayo, ka yi hakan yanzu kana Gombe, inda reshen bankin yake kusa, ka yi mu'amala da ita na 'yan kwanaki kafin ka tashi. Kada ka goge manhajar ko ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani kana hanya, don za ta koma baƙuwa a idon banki.

Layin da ka yi rajistar asusu da BVN da shi, ya bi ka cikin wayarka. Kafin tafiya ka je ofishin kamfanin layin ka tabbatar an buɗe masa aiki a ƙasar waje, ka bar kati a ciki. Da ka sauka, ka duba ko ya kama sabis, ka nemi yaronka ya turo maka saƙon tes don gwaji tun ba ka tsaya gaban dillali ba. Akwai wata fa'ida da 'yan kasuwa da yawa ba su lura da ita ba: idan ka kunna Data roaming a layinka na Najeriya, galibi intanet ɗin yana biyowa ne ta kamfaninka na gida, sai banki ya gan ka da adireshin da ya saba. Datar tana da tsada, saboda haka ka kashe Wi-Fi na otal da VPN, ka kunna ta na minti biyu ka yi biyan, ka kashe.

Duk da haka saƙon tes yakan makara a ƙasar waje, lambar kuma ba ta daɗewa take mutuwa. Shi ya sa nake ba duk mai zuwa sari shawarar ya karɓi tokin a bankinsa, wato abin da ke fitar da lambar tabbatar da biya da kansa, ko ɗan ƙaramin na hannu ko na cikin waya, domin shi ba ya jiran saƙo. Ka kuma shaida wa mai kula da asusunka ƙasar da za ka da kwanakin, ka karɓi lambar da za ka same shi. China tana gaban Najeriya da awa 7, azahar ɗinka a Guangzhou a nan ba a ma buɗe banki ba, don haka manyan biya ka ajiye su zuwa la'asar ta can.

Imel ɗinka ma ka shirya shi, tunda wasu lambobin can ake turawa, Gmail kuwa ba ya buɗewa a China kai tsaye. Ka saka manhajar Google Authenticator ka haɗa ta da imel ɗin tun kana gida, don tabbatar da kai ne kake shiga. Tana fitar da lamba 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30, ba ta buƙatar intanet, amma ta dogara da agogon waya, saboda haka ka bar wayar tana saita lokaci da kanta. Ka kuma sauke Backup codes na Gmail, wato lambobin ko-ta-kwana na shiga imel, guda 10 ne, kowace sau ɗaya ake amfani da ita, ka rubuta a takarda ka ajiye nesa da wayar.

VPN kuwa, ka sani dokar China ta taƙaita amfani da wanda ba shi da lasisi. Idan ka riƙe shi, ka tsayar da shi a ƙasa ɗaya, ka daina tsalle daga wannan zuwa waccan. In yana da Split tunneling, wato zaɓen manhajojin da za su bi ta VPN ɗin, ka cire manhajar banki daga cikinsu.

Idan an sake tsayar da kai, gwaji biyu ya isa, domin bankuna da yawa a kuskure na uku suke rufewa. Ka kira lambar da ke bayan katinka, ba wadda wani ya turo maka ba. Duk wanda ya kira ka yana cewa zai buɗe maka asusu in ka karanto masa OTP ko PIN, ka kashe wayar, ma'aikacin banki ba ya tambayar su.

Saura yaronka. Na san amana ce ta sa ka bar masa waya da layi, amma wannan ne ya haifar da shiga biyu daga nahiya biyu, kuma duk abin da ya fita da lambarka kai za a ce ka amince. Ka buɗe wa shago asusu dabam mai ɗaure da POS, saƙon shigar kuɗi yana zuwa layin shagon, shi ya riƙa ganin ciniki a can. Asusun jarin sari kuma ya zauna a wayarka kai kaɗai. Ka gama wannan aƙalla mako biyu kafin tafiya, don in wani abu ya ƙi, ka samu lokacin komawa reshe.