Amsa ga mai neman kuɗin adireshin aika imel na musamman

"'Yan'uwa, ni ne jami'in kwamfuta a kamfaninmu. Rasidai da lambobin sirri da muke aika wa kwastomomi ta imel suna faɗawa Spam, wasu kuma ba sa isa sam. Ina so in rubuta wa manaja takarda ya amince da kuɗin adireshin IP namu na kanmu da na sa ido a kansa, amma shi ba ya son dogon bayanin fasaha. Me ya kamata in sa a ciki?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa mu dace. Na sha irin wannan wahala a wani kamfanin biyan kuɗin wuta da na waya da na yi wa aiki, kuma har yau idan na tuna da ita raina yana ɓaci, shi ya sa na ga ya wajaba in ba ka amsa da ɗan tsawo.

Mu a lokacin muna aika saƙonni kusan 8,000 a kullum, yawancinsu rasidai ne da lambobin sauya kalmar sirri, kuma duk suna fita ne ta adireshin haɗaka da kamfanin da ke aika mana ya raba wa kwastomominsa masu yawa. Wani daga cikin waɗanda muke tarayya da su, wanda ban taɓa sanin ko wane ne ba, ya antayo tallace-tallace ga mutanen da ba su nema ba, sai adireshin ya shiga jerin baƙin suna na Spamhaus, ƙungiyar da ke tattara adiresoshin masu aika saƙonnin banza, laifinsa ya shafe mu gaba ɗaya. Abin ya faɗo a ƙarshen wata, daidai lokacin da jama'a suka karɓi albashi suna sayen wuta. Mutum ya biya kuɗinsa, lambar da zai loda a mita tana cikin rasidin, rasidin kuma bai zo ba. Wayar ofis ba ta huta ba tun safe, wani dattijo ma ya tako har ofis da ƙafarsa yana nuna mana saƙon cire kuɗi a wayarsa yana cewa mun cinye masa haƙƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne taron da aka kira da yamma. Akanta, wanda shi ne ya soke buƙatata ta farko watanni kafin haka, ya rubuta "ba na gaggawa ba ne" da jan biro a gefen takardar, shi ne ya fara miƙewa ya ce sashen kwamfuta yana barci. A gaban kowa ya tambaye ni me ake biyana in yi. Na ce masa takardar tana cikin fayil ɗinsa, ya ce shi bai ga wata takarda da ta ce kamfani zai yi asara ba, ya ga dai jerin haruffa ne da ba su da ma'ana a wurinsa. Manaja bai ce uffan ba, kuma washegari ni aka ba takardar neman bahasi. Shi akantan ko sannu bai ce mini ba, har na bar wurin bai taɓa ɗaga zancen ba. Na yafe masa, amma ban manta ba.

Daga maganarsa dai na tsinci abin da zan faɗa maka. Manaja yana sa hannu ne a kan asarar da ya gani da idonsa, don haka sakin layi na farko ya zama na asara, kuma da lambobin da ka ciro daga rajistar saƙonninku. Ka ɗauki wata guda cikakke, ka ƙirga nawa aka aika, nawa aka jinkirta, nawa aka ƙi. Ka san amsar da ta fara da 4, kamar `421 4.7.0`, jinkiri ce, za a sake gwadawa, wadda ta fara da 5 kuma, kamar `550 5.7.1`, ƙi ne na dindindin. Kada ka raina jinkirin, domin lambar sirri da ke mutuwa cikin minti 10, idan ta isa bayan awa 2, daidai take da wadda ba ta isa ba. Sannan ka je wurin masu amsa waya ka karɓi adadin koke-koken da suka shafi rasidi a wannan watan. Saƙon da ya faɗa Spam ba zai bayyana a rajista a matsayin matsala ba, domin a wurin na'urarka an karɓe shi, saboda haka ka buɗe akwatunan gwaji a Gmail da Yahoo da Outlook, ka aika musu, ka ɗauki hoton inda ya sauka, ka liƙa a bayan takardar.

Ga yadda na buɗe tawa ta biyu, wadda aka amince da ita:

"Ranka ya daɗe, a watan da ya wuce mun aika saƙonni 240,000, daga ciki 9,600 ba su isa hannun masu su ba, wato 4 cikin 100, kuma fiye da rabinsu a kwanaki ukun ƙarshen wata ne. Dalili shi ne muna tarayya da wasu kamfanoni a adireshin aikawa guda, kuma idan ɗaya ya yi laifi ana hukunta kowa. Ina neman amincewarka da abubuwa biyu: hayar adireshi namu mu kaɗai, da kuma awa guda a kullum daga lokacin ma'aikaci ɗaya domin duba lafiyarsa."

Bayan wannan sai kuɗi, kuma ka rubuta na shekara, kada ka rubuta na wata. Hayar adireshin ba ta da tsada kamar yadda manajoji ke zato. A Amazon SES, tsarin aika imel na kamfanin Amazon, misali, farashin adireshi ɗaya da na sani shi ne dala 24.95 a wata, wato ƙasa da dala 300 kaɗan a shekara, ban da kuɗin saƙonnin da kansu. Wasu kamfanonin kuma sai ka hau tsari mai tsada kafin su ba ka, don haka ka nemi farashi a rubuce daga naku, ka juya shi zuwa naira da canjin ranar, ka rubuta ranar a gefe, domin kada canji ya motsa a ce ka yi ƙari.

Yanzu ga abin da nake roƙonka da shi, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci a wurina: ka rubuta a cikin takardar, baro-baro, cewa sabon adireshi ba zai gyara komai a makon farko ba. Adireshin da bai taɓa aika komai ba baƙo ne a wurin Gmail da sauransu, kuma idan ka sauke masa saƙo 8,000 a rana ɗaya, za su ɗauke shi kamar na 'yan damfara, ka koma cikin matsalar da ta fi ta farko. Ana ɗumama shi ne a hankali. Mu mun fara da 200 a rana, ga mutanen da muka san suna buɗe saƙonninmu, muna ninkawa duk bayan kwana biyu ko uku matuƙar ba mu ga jinkiri ya ƙaru ba, idan ya ƙaru kuma mu tsaya a inda muke har ya lafa. Sauran saƙonnin suna ci gaba da bin tsohon adireshi, wanda ke nufin za ku biya biyun tare na kimanin wata guda zuwa wata ɗaya da rabi. Idan ba ka faɗi haka tun farko ba, a mako na biyu za a kira ka a ce an kashe kuɗi ba a ga canji ba, kuma mai jan biro yana nan yana jira.

Ba ka faɗi yawan saƙonninku ba, kuma wannan yana damuna. Idan ɗaruruwa kaɗan kuke aikawa, ko kuma kuna yin shiru makonni sannan ku aika da yawa a rana guda, to adireshi na musamman zai iya cutar da ku, domin suna yana ginuwa ne da aikawa kullum ba yankewa. A irin wannan hali gara ka nemi kuɗin sa ido kawai, ka koma wurin kamfanin da ke tace kwastomominsa da kyau. Haka kuma ka tabbatar laifin na maƙwabci ne kafin ka rubuta. Ka jera lambobin adireshin da kuke amfani da shi yanzu daga ƙarshe zuwa farko, ka tambayi jerin Spamhaus, misali ga `203.0.113.10`:

```
dig +short 10.113.0.203.zen.spamhaus.org
```

Idan babu amsa, ba ya ciki. Idan ka ga irin `127.0.0.2` ko `127.0.0.3`, yana ciki. Idan kuwa `127.255.255.254` ta fito, wannan ba hukunci ba ne, yana nufin ka bi ta DNS na jama'a ne an ƙi amsa maka. Kuma idan SPF da DKIM da DMARC ɗinku, wato saitunan da ke tabbatar da cewa saƙo daga wurinku ya fito, ba su daidaita ba, ko sashen talla yana aika wa adiresoshin da ya sayo, to sabon adireshi zai lalace kamar tsohon, wannan karon kuma babu wanda za ka ɗora wa.

Sashen talla ma wata rigima ce. Namu sun so su riƙa tura gaisuwar sallah da garaɓasa ta sabon adireshin, suna cewa ai shi ne mai kyau. Ka sa sharaɗi a takardar cewa rasidai da lambobin sirri kaɗai ne za su bi ta nan, manaja ya sa hannu a kai, domin ranar da mai talla zai zo da umarnin baki, sa hannun nan ne zai tsaya maka.

Game da sa ido, ka nuna wa manaja cewa yawancin kayan aikin kyauta ne, lokacin mutum ne ake saye. Postmaster Tools na Google yana nuna maka yawan masu danna Spam a kan saƙonninku, SNDS na Microsoft kuma yana ba da bayanin adireshin ga wanda ke da iko da shi, rahotannin DMARC su ma suna zuwa ne da zarar ka sa `rua=` da imel ɗin da za a riƙa turo su a cikin bayanin DMARC ɗinku. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida, kuma a wurin Google duk mai aika saƙo kusan 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail dole ya kasance da SPF da DKIM da DMARC, sannan ƙorafi kada ya kai 0.3 cikin 100, wato mutum 3 cikin 1,000, an fi so ma ya tsaya ƙasa da 0.1. Microsoft ma ya kawo makamanciyar ƙa'ida a Mayun 2025. Layi biyu sun isa a kan wannan, domin manaja ya gane ba kai ka ƙirƙiro ba. Amma ka rubuta muƙamin wanda zai duba kullum, da wanda zai riƙe masa idan ya tafi hutu, da matakin da idan an kai za a dakatar da aikawa, da cewa kai ke da ikon dakatarwar ba sai an jira taro ba. Ka kuma yi alkawarin rahoton shafi ɗaya duk ƙarshen wata.

Kada takardar ta wuce shafi ɗaya, bayanan fasaha su koma rataye a baya ga mai so. Ka kai ta da hannunka, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka, ka ba akanta nasa a ranar. Sannan ka sa layi guda a kan wanda zai riƙa biyan dalar da katin da za a yi amfani da shi, kuma ya kasance na kamfani ne, ba naka ba, domin idan biya ya tsaya har aka karɓe adireshin, wanda za a ba ku daga baya sabo ne fil, sai kun sake ɗumama shi daga 200.