Hukuncin Yi wa Abokan Aiki Barka da Shigowar Ramadan

Tambaya: Malam, ni ne shugaban sashe a wata ma'aikata a Kaduna, kuma ina so in aika wa abokan aikina saƙon barka da shigowar azumi, amma wani ya ce bidi'a ce. Mene ne hukuncinsa, kuma yaya ya kamata in tsara kalmomin, tunda akwai Kiristoci a cikinmu?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Wannan gaisuwa halal ce, domin al'ada ce mai ɗauke da addu'a, ba ibada ce da shari'a ta ƙayyade mata lafazi ba. Imamu Ahmad da Nasa'i sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa sahabbai bushara da cewa Ramadan ya zo musu, wata mai albarka wanda Allah Ya wajabta azumtarsa. Ibnu Rajab ya kawo cewa wasu malamai sun ɗauki wannan hadisi a matsayin tushen yi wa juna murnar shigowar watan. Sai dai kada ka zargi wanda bai yi ba, kuma ka jira sanarwar ganin wata daga Sarkin Musulmi kafin ka ce azumi ya kama.

Inda mutane suka fi zamewa shi ne abin da suke liƙa wa saƙon. Maganar nan da ke yawo cewa wanda ya fara sanar da wani shigowar Ramadan an haramta masa wuta ba ta da asali, kuma jingina ta ga Annabi zunubi ne babba ko da niyyar mai turawa kyakkyawa ce. Haka nan ruwayar da ta kasa watan gida uku, rahama da gafara da 'yantawa daga wuta, malaman hadisi da dama sun raunana ta, don haka barinta ya fi.

Kana iya rubuta: “Barkanmu da shigowar Ramadan. Allah Ya ba mu ikon azumtarsa da tsayuwar dararensa, Ya karɓi ibadunmu, Ya hore mana haƙuri da junanmu da masu zuwa neman biyan buƙata a wurinmu.” Na so a ambaci haƙuri ne saboda hadisin Buhari da Muslim da ya umarci mai azumi, idan an zage shi ko an neme shi da faɗa, ya ce shi mai azumi ne, kuma a wajen aiki, lokacin da rana ta take, aka fi buƙatar hakan.

Abokan aikinku Kiristoci kuwa, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautata musu, don haka ka ƙara jumlar gode musu bisa uzurin da suke yi muku a lokutan salla, kuma idan sun yi muku barka da shan ruwa ku amsa da sakin fuska. Allah ne Mafi sani.